Zanen da Aka Buga wa Gindi: Yadda Alƙaluman Gaskiya Ke Yaudarar Ido

A shekarar 2012, ana tsakiyar muhawara kan haraji a Amurka, tashar talabijin ta Fox Business ta nuna wa masu kallo wani zane mai sanduna biyu. Sanda ta farko gajeriya ce kamar kututture, an rubuta 35 bisa ɗari a kanta, wato harajin da masu samu mafi yawa ke biya a lokacin. Ta biyu kuwa doguwa ce zanƙalele, an rubuta 39.6 bisa ɗari, wato abin da za su koma biya daga 1 ga Janairun 2013 idan wa'adin rangwamen da aka yi a zamanin Shugaba George W. Bush ya ƙare. Duk wanda ya kalli allon na daƙiƙa biyu zai tashi da tunanin cewa za a ninka haraji sau biyar ko shida.

Babu lambar ƙarya ko ɗaya a zanen. Matsalar tana can gefe, a layin ma'auni na tsaye, wanda mutane ba su cika duba shi ba. Maimakon ya fara daga sifili, sai aka fara shi daga 34. Sanda ta farko ta zama tana nuna tazarar 34 zuwa 35, taku ɗaya ke nan. Ta biyu tana nuna 34 zuwa 39.6, taku biyar da ɗigo shida. Don haka a ido, ta biyu ta ninka ta farko sau 5.6, alhali ƙarin da ake magana a kai maki 4.6 ne, wato kimanin kashi 13 bisa ɗari na tsohon harajin.

Duk wanda ya taɓa awon hatsi a kasuwa ya san wannan dabara. Ana buga gindin mudu ya shige ciki, a cika shi har ya yi tozo, mai saye yana kallon baki yana murna, ba ya leƙa ƙasa. Mai zane ma ƙasan yake taɓawa.

Dalilin da ya sa abin ke tasiri shi ne yadda ido ke karanta sanda. Tun da ɗan ƙasar Sikotilan William Playfair ya fito da zanen sanduna a 1786, yarjejeniyar da ke tsakanin mai zane da mai kallo ita ce tsawo yana wakiltar adadi. Sandar da ta ninka wata a tsawo, adadinta ya ninka na waccan. Ido yana yanke wannan hukunci kafin mutum ya kai ga karanta rubutu, kuma abin da ya fara gani shi ke zauna masa a kai. Da zarar an sare ƙasan sandunan, yarjejeniyar ta warware, amma ido bai samu labari ba.

Ana iya gwada abin da alƙaluman da kowa ya sani a gida. A zaɓen shugaban ƙasa na Najeriya na 2023, sakamakon da hukumar zaɓe ta bayyana ya ba Bola Tinubu ƙuri'u 8,794,726, Atiku Abubakar 6,984,520, Peter Obi 6,101,533, Rabi'u Musa Kwankwaso kuma 1,496,687. Idan aka zana su daga sifili, sandar Tinubu za ta fi ta Atiku da kusan rubu'i, ta fi ta Obi da ƙasa da rabi. A ce kuwa wani mai son faranta ran maigidansa ya fara ma'aunin daga miliyan shida. Abin da zai rage wa Tinubu miliyan 2.79 ne, Atiku dubu 985, Obi dubu 102 kacal. Nan take sandar Tinubu ta kusa ninka ta Atiku sau uku, ta ninka ta Obi sau 27. Kwankwaso kuwa ba shi da wurin tsayawa ma, ya nutse ƙarƙashin layi. Wannan misali ne kawai na gwaji, amma ya nuna cewa mai zane zai iya samar da kowace irin tazara yake so ta hanyar zaɓen inda zai fara ƙirge.

Ba kullum ne ake yin haka da mugun nufi ba. Manhajar Excel, wadda da ita ake haɗa yawancin zanukan rahotannin ofis, tana sare ma'aunin da kanta idan lambobin suna kusa da juna, wato idan ƙaramar ta haura kashi biyar cikin shida na babbar. Wanda ya zuba mata 35 da 39.6 zai ga ta fara daga wani wuri sama da sifili ba tare da ta nemi izininsa ba. Gyaran ba wuya: a danna layin ma'aunin, a shiga Format Axis, a mayar da Minimum zuwa 0. Sai dai ma'aikacin da oga ke jira a bakin ƙofa ba ya tsayawa yin wannan, musamman idan zanen ya fito da ci gaban da ogan ke son gani.

Akwai kuma inda dagewa kan sifili ke zama kuskure. Takardar da ake maƙalawa a gadon majinyaci tana nuna zafin jikinsa da layi mai hawa da sauka. Zafin jikin mai lafiya yana wajen digiri 37, wanda ya kai 40 kuwa yana cikin zazzaɓi mai tsanani. Idan aka fara ma'aunin daga sifili, layin zai kwanta kusan a miƙe, ma'aikaciyar jinya ba za ta ga komai ba, alhali digiri ukun nan su ne labarin gaba ɗaya. Zanen layi yana nuna canji ne ta wurin da ɗigo ya sauka, ba ta tsawon wani abu ba, shi ya sa masana suka yarda a fara shi daga inda ya dace, muddin an rubuta lambobin gefe a fili. Abin da mai bita zai tambaya shi ne ko faɗin ma'aunin ya yi daidai da abin da ake aunawa. Matse shi sosai yana mayar da ɗan motsi ya zama tashin hankali, buɗe shi fiye da kima kuma yana binne canji mai muhimmanci.

Mutumin da ya fi kowa suna a wannan bita shi ne Edward Tufte, tsohon malamin jami'ar Yale, wanda a littafinsa na 1983 ya kawo wani lissafi mai sauƙi da ya kira ma'aunin ƙarya. Ana ɗaukar rula a auna girman canjin da zane ya nuna, a raba shi da girman canjin da ke cikin alƙaluman. Idan amsar ta fito 1, zanen ya faɗi gaskiya. Idan ta haura 1.05 ko ta gaza 0.95, to an murɗe wani abu. Misalin da ya bayar daga jaridar New York Times ta 1978 ne, kan dokar da ta tilasta wa motoci rage shan mai: daga mil 18 a galan ɗaya a 1978 zuwa mil 27.5 a 1985, ƙarin kashi 53 bisa ɗari. Mai zanen ya yi shi a siffar titi da ke tahowa daga nesa, layin farko inci 0.6, na ƙarshe inci 5.3, ƙarin kashi 783. Amsar ta fito 14.8. Idan aka ɗora zanen Fox Business a kan wannan sikeli, aka raba 460 da 13, amsar tana wajen 35.

Hotuna sun fi sanduna haɗari, domin su ba tsawo kaɗai gare su ba. A ce farashin shinkafa ya ninka, mai zane ya yanke shawarar nuna haka da buhuna biyu. Idan ya ninka tsawon buhu na biyu, dole ya ninka faɗinsa, in ba haka ba zai fito siriri kamar gora. To filin da buhun ya ci a takarda ya ninka sau huɗu ke nan. Kuma da yake kowa ya san buhu yana da ciki, ƙwaƙwalwa za ta iya ɗaukarsa a matsayin mai cin ninki takwas. Darrell Huff ya yi wannan gargaɗi tun 1954 da misalin jakunkunan kuɗi, amma har gobe ana yi da gangunan mai da kwandunan abinci. Hanyar tsira ita ce a jera buhuna biyu masu girma ɗaya kusa da buhu ɗaya.

Batun ado ya fi sarƙaƙiya. A 2014 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya fitar da zane kan kisan kai da bindiga a jihar Florida, inda a 2005 aka kafa dokar da ta faɗaɗa damar mutum ya yi amfani da makami don kare kansa. Mai zanen ta so jan launin ya yi kama da jini yana gangarowa daga sama, dabarar da ta ce ta gani a wani zane kan mace-macen yaƙin Iraƙi. Don haka ta juya ma'aunin, sifili a sama, manyan lambobi a ƙasa. Layin ya rufto ƙasa bayan 2005, masu karatu da yawa suka fahimci cewa kisa ya ragu, alhali daga 521 a shekarar 2005 ya tashi, a 2012 ma yana 721. Ma'aunin ya fara daga sifili, tazarar lambobin daidai take, rula ba za ta kama laifin komai ba. Abin da aka karya al'adar ido ce, wadda ta saba cewa sama na nufin yawa.

Tufte yana kallon kusan duk wani ado a matsayin tarkace da ya kamata a share, amma a nan ya ɗan wuce gona da iri. A 2010 wasu masu bincike a jami'ar Saskatchewan ta Kanada, ƙarƙashin Scott Bateman, sun nuna wa mutane zanukan Nigel Holmes masu cike da hotunan barkwanci, da kuma alƙaluman nan a zane tsura. Fahimtar mutanen ba ta ragu ba saboda adon, kuma bayan mako biyu zuwa uku sun fi tuna masu adon. Mutum 20 ne kacal aka gwada, saboda haka ba hujja ba ce ta rufe magana. Amma ta taimaka wajen raba adon da ke zaune a gefe yana jan hankali, da adon da ya shiga cikin awon kansa ya canza shi. Zanen da'ira da aka karkatar aka yi masa kauri kamar kankana yana cikin kashi na biyu, domin yankin da ke kusa da mai kallo yana kumbura, na baya ya motse, ko da lambarsu ɗaya.

A yau yawancin zanuka ta wayar hannu suke iso wa mutane, an ɗauko hotonsu daga wani wuri, an tura daga wannan zaure na WhatsApp zuwa wancan. A hanya sau da yawa ana datse gefe da ƙasa don hoton ya cika allo, kuma can ne lambobin ma'auni da shekara da sunan wanda ya tattara alƙaluman suke zaune. Masu tantance labarai sukan fara da neman asalin zanen, su kwafe lambobin da aka rubuta a kan sandunan, su sake zana su daga sifili, sannan su ajiye biyun gefe da gefe. Da aka yi wa na Fox Business haka, sandunan biyu sun fito kusan kai ɗaya, ta biyun ta ɗara ta farko da abin da bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na tsawonta ba.