TANADIN KUƊIN BUKATUN SHEKARA

Akwai bukatun da ba su zuwa kowane wata, amma lalle sai sun zo: kuɗin haya, da kayan makarantar yara, da inshorar mota, da gyaranta. Maganinsu shi ne mutum ya riƙa ware wani abu kowane wata, kowace bukata da nata asusu. Inda mutane da yawa ke kuskure kuwa shi ne wajen lissafi, domin sukan raba kome gida goma sha biyu, alhali abin da ya kamata a ƙirga shi ne watannin da suka rage kafin ranar biya.

Ga misali. A ce wani magidanci a Kimba yana noman albasa, yana da ƙaramar mota, yana kuma hayar shago a Jega. Ya fara tanadi a watan Maris, bayan ya sayar da amfanin rani. Hayar shago naira 120,000 ce, sai ƙarshen Fabrairu za a biya, watau wata goma sha biyu, saboda haka naira 10,000 ke nan a wata. Inshorar da doka ta tilasta, wadda aka mayar naira 15,000 ga motar gida a shekarar 2023, tasa a Janairu take ƙarewa. Wata goma suka rage, sai ya ware naira 1,500.

Kayan makaranta su ne abin lura. 'Ya'yansa uku, ɗinkin kowane naira 8,000, jimla 24,000, ana kuwa komawa makaranta a Satumba. Wata shida kaɗai gare shi, don haka naira 4,000 za shi ajiye. Da ya raba gida goma sha biyu, da Satumba ta same shi da naira 12,000, rabin abin da tela ke jira, ga shi lokacin damina ne, hatsi bai shigo gida ba. Bayan ya biya na bana, sa'an nan ne za shi koma ajiye 2,000 don baɗi. Yana da kyau ya tambayi tela farashi tun a Yuli, gama yadi yakan hau.

Gyaran mota shi ba ya da rana. Sai ya duba abin da ya kashe bara, a ce naira 60,000, ya riƙa ware 5,000. In inji ya lalace a wata na biyu, 10,000 kurum za a tarar, kuma babu dabarar da ke hana wannan.

Manomi ba mai albashi ba ne. Gara ya cire rabon watannin damina gaba ɗaya ranar da ya karɓi kuɗin albasa. Adashi ma yana taimako, muddin ɗaukarsa ta faɗo kafin ranar biya. Alamar tanadin ya fara lalacewa ita ce a ga ana rance daga asusun haya don biki ko suna, da niyyar a mayar wata mai zuwa.