An cire haraji a albashi, takardar biya kuma ta zo

Wasu ɗalibai na Boɗinga da Shagari da ke karatu a manyan makarantun Sakkwato ba su dogara da gida kacokan ba. Wani yana koyarwa da yamma, wani yana riƙe wa ɗan kasuwa littafin lissafi, wani yana shigar da bayanai a kwamfuta. Irin wannan ɗalibi na iya buɗe ambulan ya tarar da takarda daga hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Sakkwato tana cewa ana binsa bashin haraji, alhali kowane wata yana ganin an zaftare masa wani abu a albashi. Abin da zai fara zo masa a rai shi ne an zalunce shi. Zai yiwu haka ne, zai kuma yiwu takardar tana da gaskiya, kuma ana iya bambancewa da biro da takarda.

Dattawanmu sun san harajin da: mai gari ya karɓa, a damƙa maka rasit a hannu, magana ta ƙare. Harajin albashi ba haka yake tafiya ba. A tsarin da ake kira PAYE, wanda ya ɗauke ka aiki shi ke cire kuɗin, doka kuma ta ɗora masa ya kai wa hukumar jiha kafin 10 ga watan da ke biye ta wuce, sannan zuwa 31 ga Janairu ya miƙa jerin sunayen ma'aikatansa da abin da ya cire wa kowa a shekarar da ta gabata. Abin da ake cirewa kuwa ƙiyasi ne a kan albashin da shi mai aikin ya sani. Lissafin ƙarshe ana yinsa ne a kan duk abin da mutum ya samu a shekara, daga ko'ina ya fito. Zama ɗalibi bai keɓe kowa ba. Yawan kuɗin shiga ake dubawa.

Bari mu buga misali da sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, wadda ta fara aiki 1 ga Janairun 2026. A cikinta naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Abin da ya haura haka, har zuwa naira miliyan 3, ana ɗaukar kashi 15 cikin 100.

A ce ɗalibinmu yana shigar da bayanai a wani asibiti mai zaman kansa a Boɗinga, ana biyansa naira 75,000 a wata, wato 900,000 a shekara. Mu ajiye batun fansho don lissafin ya yi sauƙi. Akantan asibitin zai cire 800,000, saura 100,000, ya ɗauki kashi 15: naira 15,000 a shekara, 1,250 kowane wata. Ya yi daidai. Sai dai ɗalibin yana kuma koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a Shagari, ana ba shi 30,000 a wata, 360,000 ke nan a shekara. Mai makarantar ya duba ya ga kuɗin ko kusa da 800,000 bai kai ba, bai cire ko sisi ba. Shi ma a iya saninsa bai yi laifi ba.

Matsalar tana fitowa ne ranar da aka haɗa biyun. Jimilla naira 1,260,000 ce, kuma rangwamen 800,000 sau ɗaya ake ba mutum, ba sau ɗaya ga kowane wurin aiki ba. Saura 460,000, harajinta 69,000. An riga an biya 15,000, don haka ana binsa 54,000. A nan takardar ba ta yi ƙarya ba, ko da yake babu wanda ya yi niyyar cuta. Abin da zai iya ragewa kaɗan ne: in yana biyan hayar ɗaki kuma yana da rasit, sabuwar dokar ta yarda a sauke kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar daga abin da za a yi wa haraji. Hayar 60,000 za ta sauke 12,000, harajin ya ragu da naira 1,800. Sannan sai an duba shekarar da takardar ke magana a kanta, domin kuɗin da aka samu a 2025 ko kafin nan da tsohuwar doka ake lissafa shi, kuma alƙalumanta daban ne.

Wanda ya fi damuna shi ne wani yanayi na daban: an cire, ba a kai ba. Takardar albashi shaida ce cewa kuɗi ya bar hannunka, ba shaida ba ce cewa ya isa asusun gwamnati. Yadda ake gane wannan shi ne a duba wurin da takardar ta rubuta harajin da aka riga aka biya. In an sa sifili, ko aka nemi dukan 69,000 maimakon 54,000, to naira 15,000 ɗin ta maƙale a hanya. Ko dai mai aikin ya riƙe, ko ya biya a dunƙule ba tare da jerin sunaye ba, ko an yi kuskure a suna ko lambar haraji, abin da ke da sauƙin faruwa a inda masu suna ɗaya suka yi yawa. Wani lokacin ma wata jiha aka kai. Harajin mutum na jihar da yake zaune ne, saboda haka ɗan Shagari da ke kwana a gida yana zuwa aiki Jega, Sakkwato ke da harajinsa, ba Kebbi ba.

Doka a nan tana tare da ma'aikaci. Kuɗin da aka cire ba a kai ba, bashi ne a wuyan wanda ya cire, da tarar kashi 10 cikin 100 da kuɗin jinkiri a kai. Bai dace a tasa yaron da ke neman kuɗin rajista a gaba ya biya sau biyu ba, don kawai shi ya fi sauƙin kamawa.

Amma hakkin ba ya zuwa da kansa. Mutum yana da kwana 30 daga ranar da takardar ta shiga hannunsa ya rubuta cewa bai amince ba. In ya yi shiru suka wuce, lissafin ya tabbata. Zuwa ofis a yi bayani da baki, ko a tura wani babba ya sa baki, ba ya tsayar da kwanakin nan. Wasiƙar ta faɗi lambar takardar da shekararta, adadin da bai yarda da shi ba da dalili, da adadin da ya amsa yana kansa. A misalinmu zai amsa 54,000, ya musanta 15,000. Ya haɗa da takardun albashi na wata goma sha biyu da bayanin asusunsa na banki, inda za a ga 73,750 ke shigowa, ba 75,000 ba. Wanda ake biya a hannu, ya nemi hoton shafin da yake sa hannu a littafin albashi.

Kafin nan ya je wurin akanta da ladabi: “Ranka ya daɗe, a taimaka mini da kwafin rasit ɗin da aka biya harajinmu da jerin sunayen da aka haɗa.” In an kai kuɗin, fito da su ba zai yi wuya ba. In aka fara ce masa ya dawo gobe, sai ya rubuta hakan a wasiƙarsa, da sunan wurin aikin da adireshinsa. Ya kai kwafi biyu, a buga masa hatimi da kwanan wata a kan ɗaya ya riƙe. Sabuwar dokar gudanar da haraji ta ba hukuma kwana 90 ta amsa. In amsar ba ta gamsar da shi ba, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, wadda ta shiyyar Arewa maso Yamma ke zama a Kaduna, kuma nan ma kwana 30 gare shi ya shigar da ƙara.