Shekara Talatin a Bakin Aiki: Me Za Ka Rubuta a Takardar Neman Sabon Aiki?

A ƙa'idar aikin gwamnati a Najeriya, ma'aikaci yana ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Wanda ya kama aiki yana ɗan shekara 22 zai koma gida yana da 57, da sauran ƙarfinsa, ga yara a makaranta. A kamfanoni da bankuna kuwa sau da yawa ba a ma kai nan ake rage ma'aikata. Shi ya sa za ka ga dattijo da furfura ya sake zama yana rubuta takardar neman aiki, wadda ake haɗawa da si-bi, abin da rabonsa da yi tun yana saurayi. Abubuwa biyu ne ke ci masa rai: kada a ce ya fi ƙarfin aikin, kada kuma a ce zamani ya wuce shi.

Mu ƙaddara wani akanta ne mai shekara 55. Ya fara aikin banki a 1995, ya tsallake haɗewar bankuna ta 2005 lokacin da bankuna 89 suka koma 25, daga baya ya koma wani kamfani har ya zama shugaban sashen kuɗi da ma'aikata goma sha biyu a ƙarƙashinsa. Yanzu yana neman aikin akanta a wani matsakaicin kamfanin sarrafa shinkafa a Kano, kuma manajan da zai karanta takardarsa bai wuce shekara 35 ba.

Me wannan manajan zai raya a ransa? Ba ya shakkar mutumin ya iya lissafi. Tambayarsa ita ce: zan iya biyansa? Idan na ɗauke shi, zai zauna, ko da ya samu babban wuri zai tafi? Sai kuma wadda ba zai taɓa furtawa ba, alhali a wajenmu ita ce mafi nauyi: ta yaya zan ce wa sa'an mahaifina ya sake wannan aikin, bai yi daidai ba? Yaron da aka tarbiyyantar ya rusuna wa babba yana jin nauyin ba shi umarni, kuma hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya ajiye takardar a gefe ya kira wani. Don haka aikin takardar shi ne ta amsa waɗannan tambayoyin tun kafin a yi su.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a buɗe ta da tarihi: na fara aiki a shekara kaza, aka yi mini ƙarin girma a shekara kaza, har shafi biyu. Wannan aikin si-bi ne, kuma ko a can shekara goma zuwa sha biyar na baya-bayan nan ne suka cancanci bayani dalla-dalla, sauran a taƙaita su a layi biyu ko uku. Takardar kanta kada ta wuce shafi ɗaya. Kuskure na biyu ya fi wannan muni, wato ban haƙuri. Duk wanda ya rubuta "duk da cewa shekaruna sun ja" ya nuna wa mai karatu aibin da wataƙila bai lura da shi ba.

Akantan namu sai ya fara da matsalar kamfanin. Yawanci da Turanci ake rubuta irin wannan takarda a Najeriya, a Nijar kuma da Faransanci, amma ma'anar ita ce kamar haka: "Tallarku ta nuna kuna neman wanda zai daidaita lissafin sayen shanshera da bashin da ke hannun dillalai. A inda na baro, na tarar ana rufe lissafin wata cikin mako uku, na mai da shi kwana biyar, kuma ni na tsara yadda ake bin dillalai bashi." Ka ga bai ambaci shekara talatin ba tukuna, ya nuna abin da shekarun suka haifar. Amma fa lambar da za ka rubuta ta zama ta gaskiya, wadda tsohon wurin aikinka zai shaida idan an buga musu waya.

Daga nan sai ya faɗi dalilinsa na neman aikin da bai kai matsayinsa na da ba, a jimla biyu, ba kwana-kwana: "Na shugabanci sashe na shekara tara, yawancin lokacina ya tafi a taro. Yanzu ina son komawa kan lissafin da hannuna, a kamfanin da ke garin da iyalina suke, kuma na ga matakin albashin da kuka sa, ya yi mini." Idan tallar ba ta faɗi albashi ba, ya isa ya ce ya fahimci girman muƙamin kuma shi yake nema, a bar maganar kuɗi sai ranar ganawa. In aka bar wannan gurbin babu bayani, manaja zai cike shi da zato, ko dai an kore shi ne, ko kuma mafaka yake nema kafin ya samu wani wuri.

Maganar tsohon yayi kuwa, faɗar "ina tafiya da zamani" ba ta gamsar da kowa, domin kowa haka yake rubutawa. Hujja ake so, kuma mai shekara talatin ya fi kowa ita. Wanda ya yi aikin kuɗi a gwamnatin tarayya ya ga zuwan IPPIS wajen biyan albashi daga 2007, ya ga an tattara kuɗin hukumomi a asusun bai-ɗaya na TSA a 2015, ya koyi aiki da Remita. Akantan namu zai iya cewa shi ya jagoranci ɗauke lissafin kamfaninsu daga Excel zuwa Sage, ya kuma koyar da ma'aikata shida. Ya zaɓi misali ɗaya daga shekara uku ko biyar da suka wuce. Misalin 1998, komai kyansa, tsufan da ake tsoro zai ƙara tabbatarwa. Idan kuma tallar ta ambaci manhajar da bai iya ba, ya koye ta kafin ya rubuta cewa ya iya, don a wurin ganawa ana iya miƙo masa kwamfuta.

Saura batun manaja ɗan shekara 35. Kada ya rubuta cewa zai zama uba ga matasan kamfanin ko zai gyara musu kurakurai, wannan shi ne ainihin abin da ake gudu. Idan ya taɓa aiki ƙarƙashin wanda ya girme wa, ya faɗa a layi ɗaya: "Daraktan da na yi wa aiki a ƙarshe na girme shi da shekara goma sha biyar, kuma yana cikin waɗanda za su ba da shaida a kaina." A ganina wannan layin ya fi duk wata takardar shaidar kwas da zai lissafa tasiri.

Wasu sukan ba da shawarar a rage shekaru. Kar ka yi. Ranar haihuwarka tana jikin NIN da BVN da takardun fanshonka, kuma akantan da aka kama da ƙarya a kan shekarunsa ba wanda zai damƙa masa kuɗi. Ba dole ba ne ka sa shekarar haihuwa a takardar idan ba a nema ba, amma idan an tambaya ka faɗi gaskiya.

Kafin ka tura, ka ba wani matashi da ke aiki a irin wannan fannin, ko da ɗanka ne ko ƙaninka, ya karanta. Ka tambaye shi abu ɗaya: da kai ne manajan, za ka iya sa mai wannan takardar aiki ba tare da ka ji nauyi ba? Idan ya yi jim kafin ya amsa, ka nemi ya nuna maka layin da ya tsaya masa a rai, ka sake rubuta shi.