Ciyawa Mai Ba da Labarin Ƙasa: Karanta Hoton Wata Gona a Shika

Manomi na ganin ciyawa ya ɗauko fartanya, amma masanin ƙasa yakan tsaya ya dube ta tukuna. Kowace ciyawa tana da irin wurin da ta fi sauran jurewa, don haka inda ta yi rinjaye yakan nuna abin da ke damun ƙasar. Hoto ɗaya mai kyau ya isa a fara wannan bincike a cikin aji.

Ƙasar tudu ta Shika da Samaru tana da laushin yashi a sama, yumɓu kuma yana ƙaruwa in an nutsa. Ruwan shekara yakan kai milimita 1,000 ko fiye, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Irin wannan ƙasa takan yi ɓawo a sama bayan ruwa mai ƙarfi, kuma ba ta da wuyar dannewa in shanu ko tarakta sun taka ta tana jiƙe.

A ɗauka an kawo hoton wata gonar masara da aka ɗauka a Shika a tsakiyar Agusta. Tambayar farko ita ce, a ina kowace ciyawa ta taru? Ciyawar da ta bazu ko'ina daidai-wa-daida labarin noma take bayarwa, wato an makara da shi. Wadda ta keɓe wuri guda ita ce abar lura.

A bakin gonar, inda tarakta ke juyawa, ana ganin tuji ya shimfiɗe, masarar wurin kuma ta gajarce. Tuji yana da saiwa mai ƙarfi, yana kuma jure taku, shi ya sa ake yawan ganinsa a gefen hanya da burtali. Idan ƙasa ta danne, ƙananan kofofin da iska da ruwa ke bi sukan toshe, saiwar masara ta kasa nutsawa, sai tuji ya samu fili. Ana tabbatar da wannan kwana ɗaya bayan ruwa: a soka sandar ƙarfe a tsakiyar gona, sannan a soka inda tujin yake. In ta shige a can amma ta tsaya a nan bayan santimita 10 ko 15, to akwai dandanniyar ƙasa. In aka tona gindin masara ɗaya za a tarar saiwarta ta karkata gefe. A busasshiyar ƙasa gwajin ba ya aiki, domin ko'ina tauri ne da ita.

A wani lungu mai kwari kuwa, aya-aya da 'yan'uwanta masu kara mai kusurwa uku sun yi kore shar, ganyen masara na ƙasa kuma ya koma rawaya. Yawancin dangin nan suna jure wurin da ruwa ke kwanciya. Ita masara saiwarta tana buƙatar iska, kuma takin nitirojin yakan salwanta a ƙasar da ta cika da ruwa. Sai dai aya-aya tana yaɗuwa ta 'ya'yanta na cikin ƙasa, garma kuma takan kai su har kan tudu. Saboda haka sai a haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa, in ya tsotse a sake cikawa. Idan bayan kwana guda ruwan yana nan, kuma bangon ramin launin toka ne mai ɗigo-ɗigon tsatsa, an tabbatar wurin ba ya tsanewa.

Tsamin ƙasa shi ne mafi wuyar ganewa a hoto. Gwajin taki da aka fara a Samaru a 1950 ya nuna cewa zuba amoniyam salfet shekara da shekaru yana tsamama ƙasa. Idan ma'aunin pH ya sauka ƙasa da 5.5, sinadarin alminiyam yakan narke ya nakasa saiwa. A hoto abin da za a gani shi ne siraran ciyayi jefi-jefi, da masara tsumburarriya. Amma gajiyar ƙasa kaɗai ma tana kawo haka, wuta-wuta kuwa rashin taki ta fi nunawa. A nan sai a ɗebi ƙasar sama, zurfin santimita 15, daga wurare goma na ɓangaren da ake zargi, a gauraya, a kai ɗakin gwajin ƙasa irin na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru.

Kuskure a nan yana da tsada. Wanda ya ga masara ta yi rawaya a kwarin nan ya ƙara buhun taki, ruwa ya ba wa kuɗinsa. Abin da wurin ke nema shi ne magudana da manyan kunyoyi, ko a mayar da shi na shinkafa. Bakin gonar kuwa yana son huɗa mai zurfi da takin shanu, a kuma daina shigar da tarakta ƙasa tana jiƙe. Amma farar ƙasa ta maganin tsami, kada a saye ta sai sakamakon gwaji ya fito.