Yadda Ake Mayar Da Doguwar Takardar Bayani Tambaya Da Amsa

Duk shekara idan lokacin rajistar jarrabawar JAMB ya gabato, makarantun sakandare kan rubuta wa iyaye takardar bayani. Wani lokaci shafi uku ce cur, an jera ta tun daga gaisuwa har zuwa sa hannun shugaban makaranta, ba kanun magana, ba wurin da ido zai huta. Abin da ke cikinta gaskiya ne, wanda ya rubuta kuma ya san aikinsa. Amma washegari sai ka tarar da iyaye sun cika ofishin malamin da ke kula da jarrabawa, suna tambayarsa abubuwan da duk suna cikin takardar da ke hannunsu.

Ba lalaci ne ya kawo su ba. Wanda ya rubuta takardar ya bi tsarin abin da ya sani ne, daga farko zuwa ƙarshe. Uban da ya karɓe ta kuwa tambaya ɗaya ce ta dame shi, wataƙila ko 'yarsa za ta iya rajista alhali sakamakonta bai fito ba, kuma amsar tana can binne a tsakiyar shafi na biyu. Gyaran irin wannan takarda shi ne a warware ta, a mayar da ita tambayoyi da gajerun amsoshi, a kasa su rukuni-rukuni. Tsarin ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, domin wanda ya saba da shirin Amsoshin Takardunku na sashen Hausa na BBC ya san daɗin jin tambaya da bakin mai ita, amsa kuma ta biyo baya nan take.

Ga misalin irin sakin layin da ake samu a waɗannan takardu:

"Ana sanar da iyaye cewa duk ɗalibin da zai yi rajista sai ya mallaki lambar NIN, wadda zai tura ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019 domin ya samu lambar da zai sayi e-PIN da ita, kuma a lura cewa ta layin da aka tura saƙon ne za a ci gaba da hulɗa da shi, saboda haka kada mutum biyu su yi amfani da shi, sannan wanda sakamakonsa na WAEC ko NECO bai fito ba zai iya yin rajista amma sai ya kai an ɗora shi daga baya, haka nan duk mai kuskure a sunansa ya je ya gyara tun da wuri, kuma ɗalibi ne zai je cibiya da kansa domin za a ɗauki hoton yatsunsa."

Aikin farko ba rubutu ba ne, ƙidaya ce. A buga takardar, a ɗauki biro, a sa lamba a kan kowane bayani da zai iya tsayuwa da ƙafarsa. Wannan jimla guda tana ɗauke da bayanai tara: buƙatar NIN, tura saƙo, sayen e-PIN, zaman layin waya hanyar hulɗa, hana mutum biyu raba layi ɗaya, halaccin rajista kafin fitowar sakamako, wajibcin ɗora sakamakon daga baya, gyaran suna, da zuwa cibiya da kai. Waɗannan lambobi su ne za su zama shaida a ƙarshen aiki, don haka kada a jefar da takardar da aka yi wa zane.

Sai a tsaya a kan kowace lamba a ce: wane ne zai nemi wannan, kuma da wane baki zai tambaya? Nan ne yawancin masu gyara ke zamewa. Sukan ɗauki jimlar ofis su liƙa mata alamar tambaya, sai ka ga an rubuta "Mene ne matsayin ɗalibin da ke jiran sakamako?" Ba uwar da ta taɓa yin magana haka. Abin da za ta ce shi ne, "Sakamakon 'yata bai fito ba, za ta iya yin rajista?" Ita wannan ce za a rubuta, domin mai karatu yana bin shafi da ido ne yana neman kalmomin da ke cikin zuciyarsa. Wanda ba ya son ya yi ta zato, ya je ya zauna da malamin da ke amsa tambayoyin nan kullum, ko ma maigadin da ake fara tsayarwa a bakin ƙofa. Su ne suka san abin da ake tambaya da yadda ake faɗarsa.

Amsa kuma ta fara da amsa. Idan tambayar ta "e" ko "a'a" ce, to kalmar farko ta zama ɗaya daga cikinsu, dalili da sharaɗi su biyo. Jimla biyu ko uku sun wadatar. Ga yadda wani ɓangare na wancan sakin layi zai koma:

Sakamakon 'yata bai fito ba, za ta iya yin rajista?
E, za ta iya. Amma da zarar sakamakon WAEC ko NECO ya fito, sai ta kai shi cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora mata, in ba haka ba ba za a duba ta wajen ba da gurbin karatu ba.

'Ya'yana biyu za su yi rajista, za su iya amfani da layin waya ɗaya?
A'a. Kowane ɗalibi da layinsa, kuma ya riƙe shi da kyau, domin ta wannan layi JAMB za ta ci gaba da aiko masa saƙo.

An yi kuskure a sunan ɗana a NIN, ina za mu gyara?
A ofishin hukumar NIMC, kuma kafin a fara rajista, domin daga can JAMB ke ɗauko suna da ranar haihuwa.

A duba amsar farko da kyau, domin a nan babban haɗarin aikin yake. Mai son gajartawa zai iya rubuta "E, za ta iya" ya tsaya, ya ga ya yi aiki mai tsabta. Alhali ya yanke "amma", kuma wannan "amma" ita ce ke tsakanin yarinya da gurbin karatunta. Doguwar takarda, duk da nauyinta, tana riƙe da sharuɗɗanta a jikin kalmomi irin su "amma", "sai dai", "idan", "muddin", "in ban da". Ni a ganina ya kamata a zagaye kowace irin wannan kalma da jan biro tun wajen ƙidaya, kada a yarda a raba ta da bayanin da take tsaro. Amsar da ta gajarta ta rasa sharaɗinta ta fi doguwar takarda cutarwa, domin mai karatu zai gaskata ta ya tafi da kwanciyar hankali.

Akwai kuma ƙananan kalmomin nuni. A wancan sakin layi, "shi" ta farko ɗalibi take nufi, ta biyu layin waya, ta uku sakamako. Wanda ya karanta daga sama zai iya bin zaren, amma mai tambaya ɗaya tsalle zai yi ya faɗa tsakiya. Saboda haka kowace amsa ta ambaci abinta da sunansa, a kuma cire "kamar yadda aka faɗa a sama". Maimaita suna a nan ba aibi ba ne.

Amsa ta uku ta nuna wata fa'ida da ba a cika zato ba. Asalin takardar cewa ta yi a je a gyara suna, ba ta ce ina ba. Cikin dogon zance ba mai lura da wannan giɓi, amma da aka sa tambaya a gaba sai ya fito fili. Mai gyara kada ya cike irin wannan da ka. Ya koma ga wanda ya sani ya tabbatar.

Wajen kasawa rukuni-rukuni, a bi tafiyar mai nema, ba tsarin ofis ba. Uba bai damu da wane ne ke kula da kuɗi ko wane ne ke kula da kwamfuta ba, abin da ya sani shi ne inda ɗansa ya tsaya yau. Rukuni huɗu sun ishi takardar JAMB: kafin rajista, ranar rajista, ranar jarrabawa, bayan jarrabawa. Batun NIN da layin waya da gyaran suna su shiga na farko. Cewa darussa huɗu ake rubutawa, Ingilishi dole ne a cikinsu, tambayoyi 180 cikin awa biyu, ya shiga na uku. Cewa a kan maki 400 ake lissafi ya shiga na huɗu. A kowane rukuni tambayar da aka fi yi ta hau sama. In rukuni ya haura tambaya bakwai ko takwas, a raba shi. Rukunin "Sauran Tambayoyi" kuwa, idan ya fi 'yan uwansa kumbura, alama ce kasawar ba ta yi ba, a sake zama.

Ba komai ne ke shiga rigar tambaya da amsa ba. Matakan da dole a bi su a jere, wato tura saƙo, karɓar lamba, sayen e-PIN, zuwa cibiya, a bar su jeri ɗaya mai lamba a ƙarƙashin tambaya guda. In aka warwatsa su tambaya huɗu, an ɓatar da abin da ya fi muhimmanci, wato wanne ke gaba da wanne. Saƙon da za a tura kuma a nuna siffarsa a layi na dabam, kalmar NIN, tazara, sannan lambobi 11 na ɗalibi:

```
NIN 00123456789
```

Sai abin da ba wanda zai tambaya domin bai san akwai shi ba. JAMB ta sha gargaɗin ɗalibai game da lalle a yatsu, saboda yana iya hana na'ura gane zanen yatsa. Wace yarinya ce za ta zo ta tambayi malami ko ƙunshin bikin yayarta zai hana ta shiga ɗakin jarrabawa? Ba za ta nemi wannan a jerin tambayoyi ba, sai ta tsaya gaban na'ura za ta sani. Irin wannan gargaɗi a fitar da shi a sa shi a saman shafi cikin akwati, da manyan haruffa. Kuɗin rajista da ranakun buɗewa da rufewa su ma a tara su wuri guda tare da shekararsu, tunda suna sauyawa, don kada baɗi a gyara a amsa ɗaya a manta da wata.

Kafin a kai wajen bugawa, a dawo da tsohuwar takarda mai lambobi, a bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace a nemo inda ta sauka a sabuwar. Wadda ba a gani ba ta faɗi a hanya, a ɗauko ta. Sannan a miƙa sabuwar ga wani uba ko uwa da ba su ga tsohuwar ba, a ce su nemo amsar batun layin waya, a yi shiru a kalli yatsansu a kan shafi. Idan ya nufi rukunin da ba nan amsar take ba, laifin kanun rukuni ne. Idan ya wuce ta bai gane ta ba, tambayar ce ba a rubuta da bakinsu ba. Idan sun karanta suka ɗago suka ce "to, in kuma layin ya ɓata fa?", an samu sabuwar tambaya, a nemo amsarta a ƙara.

Malamai da ma'aikatan ofis da ke da irin wannan takarda a aljihun tebur, ku fito da ita ku yi mata wannan aiki tun kafin a buɗe rajistar bana.