Jifan Dalma a Makaranta: Yadda Ake Koya wa Yaro Ba Tare da Ya Ji Ciwo Ba

Da zarar gasar wasanni tsakanin gidajen makaranta ta matso, sai a ga malamin motsa jiki ya buɗe sito ya fito da dunƙulen ƙarfen nan da ya shekara a ajiye, ɗalibai kuma sun yi masa caa, kowa na son ya gwada ƙarfinsa. A wannan ranar ta farko haɗari ya fi yawa. Yaron da ya taso yana jifan mangwaro da dutse, idan aka miƙa masa dalma, haka zai yi da ita: ya ja hannu baya, ya wurgo. Dutsen mangwaro bai kai nauyin komai ba, amma dalmar ƙaramar sakandare kilo 2 ce zuwa 3, kuma gwiwar hannu da kafaɗar ɗan shekara 12 ba za su iya ɗaukar wannan fizgar ba.

Dalma tura ta ake yi daga wuya. Dokar hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta ce dole ƙarfen ya kasance yana taɓa wuya ko haɓa, ko yana dab da su, kuma ba a yarda hannu ya sauka ƙasa da nan ba, ba a kuma yarda a kai ƙarfen bayan layin kafaɗu ba. Wannan doka ita ce ke kare hannun mai koyo, domin muddin ƙarfen na manne da wuya, ƙafafu da ƙugu ne ke ɗaukar nauyin, hannu kuwa sai a ƙarshe yake shiga.

Manyan maza suna jefa mai kilo 7.26, mata mai kilo 4. Da irin ta mazan ce Ba'amurke Ryan Crouser ya kafa tarihin duniya na mita 23.56 a 2023, da ita ce kuma Chukwuebuka Enekwechi na Najeriya ya kai wasan ƙarshe a gasar Olamfik ta Faris a 2024. Amma ko a gasannin 'yan ƙasa da shekara 18, samari kilo 5 suke jefawa, 'yan mata kilo 3. Makarantar da ba ta da komai a sito sai mai kilo 7.26, gara ta fara da ƙwallon ƙafa ko jakar yashi mai kilo ɗaya da a ɗinke bakinta, da ta ɗora wa yara ƙarfen manya. Alamar nauyi ya yi wa yaro yawa ba ta ɓuya: gwiwar hannunsa za ta faɗi ƙasa tun bai fara ba, kansa ya karkace, yatsunsa su lanƙwashe baya lokacin saki.

Kafin a taɓa ƙarfe, fili ake fara gyarawa. Da'irar jifa faɗinta mita 2.135 ne, da katako mai tsayin santimita 10 a bakinta na gaba. Wurin da dalma ke sauka yana buɗewa ne kamar yankan kankana, da kusurwar digiri 34.92. Malami ba ya bukatar na'urar auna kusurwa. Ya kafa turke a tsakiyar da'ira, ya ja igiya biyu masu tsawon mita 10 kowace, ya buɗe su har tsakanin bakunansu ya zama mita 6, sannan ya bi su da farar ƙasa ko toka. Wannan ne filin gasa. Filin koyo kuwa ya kamata ya fi haka faɗi nesa ba kusa ba, domin jifan mai koyo ba ya bin layi. Kada ya fuskanci hanyar da ɗalibai ke bi zuwa famfo ko bayi, kada kuma ya haɗa iyaka da filin ƙwallo, inda yaro zai biyo ƙwallonsa a guje bai duba ba.

A ɗauki ajin farko na ƙaramar sakandare, ɗalibai 40, dalma 5, darasi na minti 40. Malami zai ja dogon layin jifa guda ɗaya, ya sa alama biyar a kansa, tsakanin kowace da 'yar'uwarta mita 3. Bayan wannan layi da mita 5 zai ja layin jira. Ɗalibai su kasu rukuni biyar, takwas-takwas, kowane rukuni a bayan alamarsa. Mutum biyar ne kawai ke tsallake layin jira a lokaci guda, kuma duka gefe ɗaya suke jefawa. Ba a taɓa jera yara suna fuskantar juna, wannan ya jefa wa wancan. Bahago a kai shi ƙarshen layi ta hagu, don idan ƙarfen ya kuɓuce masa ya tafi inda babu kowa. Malami kuma ya tsaya a baya ta gefe, inda idonsa ke kan masu jifa da wurin saukar gaba ɗaya.

Umarni uku ne ke tafiyar da darasin, kuma malami kaɗai ke ba da su: "Ku shirya", "Ku tura", "Ku ɗauko". Babu mai saki kafin na biyu, babu mai taka gaban layi kafin na uku, ko da nasa ƙarfen ya faɗi taku ɗaya a gabansa. Hanya mafi sauƙi da ƙarfe ke samun kan yaro ita ce wannan: ya jefa, ɗoki ya ɗebe shi ya ruga ya ga inda tasa ta sauka, alhali na kusa da shi bai saki ba tukuna. Idan an ce a ɗauko, tafiya ake yi ba gudu ba, a durƙusa a ɗauka da hannu biyu, a riƙo ta a ƙirji, a ajiye a ƙasa kan alama. Ba a wurgo ta, ba a gangaro ta, ba a miƙa ta hannu da hannu. Malamin da ya kashe minti goma na farko yana maimaita waɗannan umarni da ƙwallon roba bai yi asarar lokaci ba, domin da wannan tsari kowane zagaye bai wuce rabin minti ba, kowane yaro zai samu jifa biyar ko shida kafin a kaɗa ƙararrawa.

Akwai ƙananan abubuwa da yanayinmu ke kawowa. Ƙarfen da ya wuni a rana a watan Afrilu yana ƙona wuya, don haka a ajiye shi a inuwa. Da damina a tanadi tsumma, domin jiƙaƙƙiyar dalma zamewa take yi. Silifa ba ta shiga layin jifa. Ɗaliba mai dogon hijabi ta sa gajere ko ta cusa bakinsa cikin riga, kada ya sarƙe hannu.

Bayan an ɗumama jiki, musamman kafaɗu, ƙugu da wuyan hannu, sai riƙo. Dalma tana zama ne a gindin yatsu uku na tsakiya, babban yatsa da ƙaramin suna tare ta ta gefe. Ba ta kwanciya a tafin hannu. Daga nan a kai ta ƙarƙashin muƙamuƙi, a danna ta a wuya, gwiwar hannu a ɗage ta nesa da haƙarƙari, babban yatsa na kallon ƙasa. Malami na iya duba aji duka cikin ƙiftawar ido: wanda ya riƙe daidai, ƙura za ta ɓata masa wuya da yatsu, tafin hannunsa kuwa fes.

Turawar farko ana yin ta ne ana fuskantar gaba, ƙafafu a jere, ba gudu ba juyi. Yaro ya ɗan durƙusa, ya miƙe, ya tura sama da gaba. Abin da ake nema a nan shi ne ya ji gwiwar hannunsa tana bayan ƙarfen har ya fita, yatsu kuma su kaɗa waje a ƙarshe. Ba a maganar nisa tukuna. Da an fito da tef ɗin awo a darasin farko, yara za su koma wurgi, domin shi suka sani.

Sai a darasi na biyu ko na uku ake shiga tsayuwar gefe, wadda ita ce ginshiƙin wasan duka. Mai jifa da dama zai ba wurin saukar gefensa na hagu, ƙafafu a buɗe fiye da faɗin kafaɗa kaɗan, yatsun ƙafar hagu a layi ɗaya da dunduniyar dama. Wannan ɗan gocewar ita ke ba ƙugu hanyar juyawa. Zai lanƙwasa gwiwar dama ya mayar da nauyinsa kanta, ya juya kafaɗu har ya ba filin baya, haɓarsa da gwiwarsa da yatsun ƙafarsa suna bisa juna. Daga nan motsi ke tashi daga ƙasa: ƙafar dama ta juya a kan yatsu, ƙugu ya biyo, sai ƙirji, hannu ne na ƙarshe. Ƙafar hagu ta miƙe ta kafe, ta tare jiki don ƙarfin ya wuce cikin dalma. Gwanaye suna saki a kusurwar da ba ta kai digiri 45 ba, amma yaro ya ishe shi a ce ya tura kamar zai tsallakar da ita saman wata bishiya da ke can nesa a gabansa.

Inda ƙarfen ya sauka yana gaya wa malami abin da ya faru. Idan na mai dama yana ta fita ta dama, galibi ya rabu da wuya da wuri, ko kuma ƙafar hagu ta tare wa ƙugu hanya. Idan yana fita ta hagu, yaron yana fizge kai da kafaɗar hagu kafin ya gama turawa. Idan ya tafi ƙasa-ƙasa ya faɗi kusa, nauyin jiki ya koma ƙafar gaba tun kafin ƙafar baya ta yi aikinta. Idan kuwa ya gangara ta kan yatsu yaron yana yarfe hannu, gwiwar hannu ce ta faɗi, kuma a nan ake samun targaɗen yatsa. Duk wanda ya ce gwiwar hannunsa na masa zafi ta ciki, ya ajiye ƙarfe a ranar, kada a ce ya daure.

Salon zamewa da baya a cikin da'ira, wanda Parry O'Brien ya fito da shi har ya ci zinare a Olamfik ta 1952 da ta 1956, da salon juyi irin na Crouser, duka suna ƙarewa ne a wannan tsayuwar gefe. Ɗalibin da bai iya ta ba, gudun da zai ƙara sai dai ya ƙara masa kuskure. Salon juyi kuwa ba na layin mutum biyar ba ne, domin ƙarfen na iya fita ta ko'ina. Mai yin sa shi kaɗai yake shiga da'ira, kowa na can baya.

A makon ƙarshe ake kai yara da'ira ta gaskiya, a koya musu ƙa'idar gasa. Ƙafa na iya dafa cikin katakon, amma ba ta hawa kansa. Ba a fita sai ƙarfen ya sauka, kuma ta rabin baya ake fita. Ana auna nisa daga bakin ramin da ya fi kusa da da'ira, a ja tef ya bi ta tsakiyarta, a karanta a bakin katakon ta ciki. Masu riƙe tef suna jira ne a wajen farin layi suna kallon mai jifa, ba sa shiga sai malami ya ce a ɗauko.