Daga sadaki zuwa Brautgabe: yadda takardar auren Hausa ke shiga ofishin Jamus, da inda take tuntuɓe

Mafi yawan auren da ake ɗaurawa a ƙasar Hausa ba ya bukatar takarda kafin ya zama aure. Waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, an faɗi sadaki, shaidu sun ji, an shafa fatiha. Takardar da limami ko kotun shari'a ke bayarwa daga baya takan shekara a ƙasan akwati ba a neme ta ba. Ranar da ake zaro ta ita ce ranar da miji ya samu aiki ko karatu a Jamus, yana son matarsa ta biyo shi, ko kuma aka haifa musu ɗa a can, ofishin rajistar haihuwa da aure, wanda Jamusawa ke kira Standesamt, ya nemi hujjar cewa iyayen ma'aurata ne.

Harshen aiki a wannan ofishi Jamusanci ne, don haka dole a fassara. Ita takardar haihuwa ba ta cika ba da wahala ta fuskar harshe ba, domin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda dokar 1992 ta ɗora wa rajistar haihuwa, da Turanci take rubutawa, ta Nijar kuma da Faransanci. Takardar aure ce ake yawan samu da Hausa, wani lokaci haɗe da Larabci, wani lokaci da rubutun hannu, har ma da ajami.

Kuskuren farko shi ne zaton cewa fassara ce ke sa a amince da takarda. Fassara tana faɗin abin da takardar ta ƙunsa ne kawai, ba ta shaida cewa gaskiya ne. Nijeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta hatimin Apostille, kuma tun shekarar 2000 ofisoshin jakadancin Jamus suka daina buga hatimin tabbatarwa a kan takardun Nijeriya. Abin da ya maye gurbinsa shi ne binciken da ake kira Urkundenüberprüfung. Hukumar da ke Jamus ko sashen biza ne ke nemansa, ƙaramin ofishin jakadancin da ke Legas ya miƙa wa lauyan da ya amince da shi, lauyan ya je ya duba littafin rajista, ya tambayi dangi da maƙwabta. Mai nema ne ke biyan kuɗin, kuma aikin yakan ci watanni. Wannan na nufin duk abin da mai fassara ya gyara don takarda ta yi kyau, akwai wanda zai je ya kwatanta shi da asali.

Shi ma mai fassarar ba kowa ba ne. Yawancin ofisoshin suna neman wanda wata kotu a Jamus ta rantsar ko ta ba izini, kuma hukumomin shari'a na jihohin ƙasar suna da jerin sunayensu a intanet. Masu Hausa a cikinsu kaɗan ne, shi ya sa mutane ke fara mayar da takardar Turanci a gida, sannan wani ya mayar da ita Jamusanci. Kafin a kashe kuɗi, ya kamata a tambayi ofishin da zai karɓa ko ya yarda da wannan hanya mai hawa biyu, domin ba duka ke yarda ba, kuma a nan ne ma'ana ke zubewa.

A ɗauki misali. Wata mace daga Zariya, mai shekara 24, mijinta yana aikin jinya a Hamburg. Takardarsu ta kotun shari'a ce, kuma tana da layuka kamar haka: sunan ango, sunan amarya, waliyyin amarya, wakilin ango, sadaki naira 150,000 lakadan, shaidu biyu, kwanan wata na Hijira, sa hannun alƙali da hatimi. Layi takwas ne, amma kusan kowanne yana da tarko.

Sadaki ne ya fi shan wahala. Turancin Nijeriya ya saba kiransa da kalmar da a asalinta take nufin dukiyar da amarya ke zuwa da ita gidan miji. Mai fassara na biyu, wanda bai ga Hausar ba, sai ya rubuta Mitgift, wato kusan abin da muke kira gara da kayan ɗaki. Ma'ana ta juye: kuɗin da miji ya ba mace ya koma kuɗin da iyayenta suka ba shi. Wani kuma ya rubuta Brautpreis, farashin amarya da ake biyan danginta, wanda ke sa jami'i ya ji kamar ciniki aka yi. Kalmar da kotunan Jamus ke amfani da ita ita ce Brautgabe, ko Morgengabe, kyautar da ta zama mallakar amarya. Wannan ba ƙaƙale ba ne. Kotunan ƙasar sun sha yanke hukunci a kan sadakin da ba a biya ba, don haka in takarda ta ce ajalan, wato bashi ne a wuyan miji, kalmar da aka zaɓa tana iya zama haƙƙin matar ranar da aure ya mutu.

Sai waliyyi. Wanda ya buɗe ƙamus zai ga Vormund, amma a dokar Jamus Vormund mai kula da yaron da bai kai shekara 18 ba ne. Jami'in da ya ga wannan kalma a gefen sunan amarya zai fara lissafin shekarunta, kuma yana da dalili. Tun 2017 dokar Jamus ba ta ɗaukar auren da aka ɗaura wa wanda bai kai shekara 16 ba a matsayin aure, ko da ya halatta a inda aka ɗaura shi. Na wanda ke tsakanin 16 da 18 kuma kotu na iya rushe shi. Ƙwararren mai fassara yakan rubuta Ehevormund, ya bar kalmar asali kusa da ita, ya ƙara ɗan bayani cewa wannan shi ne namijin da ke ba da aure a shari'ar Musulunci komai shekarun mace.

Abin da ya fi nauyi shi ne layin wakili, domin yana bayyana wa Bajamushe abin da mu ba ma ko lura da shi: ango da amarya ba su ne suka furta aure da bakinsu ba, kuma galibi amarya ba ta wurin. A Jamus dole ma'aurata su tsaya da kansu gaban jami'in rajista. Sai dai ga auren da aka ɗaura a waje, dokarsu ta ce ya isa a bi sigar ƙasar da aka ɗaura shi. Suna da suna ga auren wakilci, Handschuhehe, kuma a 2021 babbar kotun tarayya da ke Karlsruhe ta sake tabbatar da cewa ana amincewa da shi. Sharaɗin shi ne wakili ya zama mai isar da saƙo, ba mai yanke shawara ba. In mutum ya zaɓi wadda zai aura, ya aiki kawunsa ya karɓo masa, wannan wakilci ne a furuci, kuma ya yi. In kawun ne aka bar wa zaɓin ko wa za a aura, ko aka ɗaura ba da yardar mace ba, ba za a amince ba.

To, takardarmu ta Zariya ba ta ce komai a kan yardar amarya ba, domin babu layin da aka tanada. A nan ne wasu masu fassara ke yin abin da suke gani taimako ne, su cusa jimlar da ke cewa ma'auratan sun bayyana a gaban alƙali sun amince. A ganina wannan shi ne mafi munin abin da za a yi wa matar. Lauyan da aka aika zai ji daga bakin shaidu cewa tana cikin gida ana yi mata lalle lokacin da aka ɗaura, daga nan kuma duk fayil ɗin ya zama abin zargi. Hanyar da ta dace ita ce a rubuta Bevollmächtigter des Bräutigams, wato wanda ango ya wakilta, a tsaya nan. In ofishi ya nemi hujjar yarda, sai a kawo ta a takarda dabam, kamar rantsuwar ma'auratan da ta waliyyi.

Haka alƙali ba Standesbeamter ba ne, ba kuma a mayar da kotun shari'a Standesamt don ta yi kama da abin da suka sani. Richter am Scharia-Gericht ya wadatar. Takardar da limamin unguwa ya rubuta kuwa shaida ce ta masallaci, kuma kanun fassarar bai kamata ya ɗaga ta zuwa matsayin takardar gwamnati ba.

In da a ce an rubuta bazawara a gaban sunan amarya, da an samu wata matsalar. Hausa ta haɗa wadda aka saka da wadda mijinta ya rasu a kalma ɗaya, Jamusanci kuwa ya raba: geschieden da verwitwet. Mai fassara ba shi da ikon zaɓa, sai dai ya nuna cewa kalmar tana ɗaukar biyun, ofishi kuma ya nemi takardar saki ko ta rasuwa. Wanda yake da mata fiye da ɗaya shi ma ya sani cewa dokar zama a Jamus ba ta ba mace ta biyu izinin biyo miji in yana zaune da ta farko a can, kuma ɓoye auren farko a fassara ba ya ɓoye shi ga mai bincike.

Kwanan wata na Hijira ana barinsa yadda yake, a sa na Miladiyya a matsayin bayanin mai fassara. A lura cewa lissafin kalanda da ganin wata sukan saɓa da kwana ɗaya, don haka in an riga an rubuta wata rana a fom ɗin biza, a duba su yi daidai, ko a bayyana dalilin bambancin.

Sunaye kuma ba a fassara su, ba a gyara su. In takardar aure ta ce Muhammadu, fasfo ya ce Mohammed, haka mai fassara zai kwafe Muhammadu, ya ƙara bayanin cewa a fasfon da aka nuna masa an rubuta Mohammed. A'ishatu da Aisha, Ɗanladi da Danladi, duk haka. In da ajami aka rubuta, a ba shi kwafin fasfo tun farko don ya bi rubutunsa. Jamusawa suna raba suna gida biyu, Vorname da Familienname, alhali namu jeri ne: sunan mutum, na uba, wani lokaci na kaka ko na gari. Wanda ya ɗauki sunan garinsu a makaranta, amma limami ya rubuta shi da sunan mahaifinsa, zai bayyana a matsayin mutum biyu. Gyaran wannan a Nijeriya ake yinsa, ta rantsuwar kotu ko a hukumar da ta ba da takardar, kafin a kai wa mai fassara.

Idan fassarar ta dawo, ko wanda bai iya Jamusanci ba yana iya auna ta. A ƙirga layuka: takwas a asali, takwas a fassara. Kowane hatimi dole a ambace shi tare da abin da ke rubuce a cikinsa, inda tawada ta goge kuma a ga kalmar unleserlich, wato ba ya karantuwa, maimakon cike gurbi da zato. Bayanin mai fassara yana zuwa ne a cikin baka mai kusurwa, yawanci da alamar Anm. d. Übers. A ƙasa kuma a ga shaidarsa cewa fassarar daidai take kuma cikakkiya, da kwanan wata, da sa hannu, da hatiminsa, da faɗin ko asalin takardar ya gani ko kwafi. In kwafi ya ce, wasu ofisoshin za su mayar da ita, don haka a aika masa da asalin ta hanyar da za a iya bin sawunta.